Ƙwayoyin barci: Me ya sa dainawa ke da wuya?

A Damari da sauran ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a jihar Katsina, shekarun da aka shafe ana fama da hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da dama da barcin dare. Wanda ya saba kwana da kunne ɗaya a buɗe yana sauraron ƙarar babura, ko an samu lafawa ba lalle ne idonsa ya rufe ba.

Ga mai irin wannan hali, abu mafi sauƙi shi ne ya nufi kemis ya nemi ƙwayar barci, wadda galibi dayazefam ce, wato Baliyam. Maganin na cikin dangin da likitoci ke kira benzodayazefin, kuma tun 1963 yake kasuwa.

Aikin birki

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da wani sinadari mai suna GABA, wanda aikinsa shi ne rage zafin saƙonnin da jijiyoyi ke aika wa juna, tamkar birki a mota. Idan ya sauka a mazauninsa a jikin jijiya, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, sinadarin kuloraid ya kwarara ciki, jijiyar ta lafa.

Dayazefam ba ya buɗe ƙofar da kansa. Yana maƙalewa ne a gefen mazaunin, ya sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai duk lokacin da GABA ya iso. Daga nan sai fargaba ta ragu, jiki ya saki, barci ya zo. Sabbin ƙwayoyin barci irin su zolfidem su ma a wannan wuri suke aiki.

To amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a taka mata birki kullum ba. Idan ana shan maganin kowane dare, sai mazaunan GABA su rage amsa kira, yayin da sinadarin gulutamet mai zaburar da jijiyoyi ke ƙara ƙarfi domin a samu daidaito. Cikin 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta ƙara sa barci kamar da, sai a koma biyu. Dalili ke nan da likitoci ke taƙaita shan ta zuwa mako 2 zuwa 4.

A ranar da aka daina kwatsam, birkin asali ya riga ya yi rauni, ga kuma totur a take. Abin da ke biyo baya shi ne rashin barci fiye da na farko, da karkarwa, da gumi, da bugun zuciya, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan iya kisa.

Inda ake ruɗewa shi ne, dayazefam na daɗewa a jiki, don haka alamun kan jinkirta kwanaki, wani lokaci fiye da mako guda. Mai shan ba ya danganta su da ƙwayar da ya bari. Sai ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo, 'yan'uwa kuma su ce iska ce. Da ya sake sha ya ji sauƙi, sai ya ƙara gamsuwa cewa ba zai rayu ba sai da ita.

Ragewa sannu a hankali

Hanyar da likitoci suka amince da ita ita ce rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako ɗaya ko biyu. Marigayiya Farfesa Heather Ashton ta jami'ar Newcastle a Birtaniya na cikin waɗanda suka yi fice wajen yaɗa wannan tsari.

Ɗauki misalin wanda ya shekara yana shan miligiram 10 kowane dare. Idan likita na zabge masa miligiram 1 duk mako biyu, zai kwashe kusan wata biyar kafin ya rabu da maganin. Matakan ƙarshe ne suka fi wuya, domin sauka daga miligiram 2 zuwa 1 rage rabi ne, shi ya sa akan ƙara sassautawa a nan.

Wannan tsari na buƙatar likita mai bin sawu, da magani na gaskiya da ba ya yankewa, waɗanda samun su ba ƙaramin aiki ba ne ga mazaunin Damari. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kaduna, kuma duk ranar da hanya ta ƙi biyuwa ko mai kemis ya yi hijira, an tilasta wa mai shan yin ainihin abin da likitoci ke hanawa.

Haka lamarin yake idan jami'an hukumar NDLEA suka kwace ƙwayoyi. Kamen na da hujja, musamman ganin cewa haɗa dayazefam da kodin ko tiramadol na iya tsayar da numfashi. Sai dai kame kaɗai, ba tare da an tanadi inda masu shan za su je a rage musu a hankali ba, na jefa waɗanda jikinsu ya riga ya saba cikin haɗarin jijjiga 'yan kwanaki bayan maganin ya ɓace a kasuwa.