Tambayar tarihin jihadi: a daina neman shekara kaɗai, a nemi dalili

Duk wanda ya taɓa duba takardar jarrabawar ƙarshen zango a sakandarorinmu na Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san irin tambayar da ake yi kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wace shekara ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu? 1804. Yaushe Alƙalawa ta faɗi? 1808. Yaro ya haddace da daddare, ya zuba da safe, ya ci maki, kafin a dawo hutu ya manta. A ganina wannan ba ta auna ko ya fahimci tarihin, alhali wani babban ɓangarensa a ƙasarsa ta Zamfara ya faru.

Wasu malamai na zaton sun magance matsalar idan suka rubuta “tattauna dalilan jihadi”. To amma in malam ya riga ya rubuta dalilai biyar a allo an kwafa, hadda ce dai aka yi wa sabuwar riga. Ga gwaji mai sauƙi: ka ɗauka an bar ɗalibi ya shiga da littafin rubutunsa a buɗe. In kwafa kawai zai yi, tambayar ba ta nazari ba ce.

Mafita ita ce malam ya ba da bayanan da kansa a cikin tambayar, sannan ya nemi abin da babu a littafin. Ga misali daga gida. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a zamanin Sarki Babari, tun kafin jihadi. Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Da yaƙi ya tashi a 1804, Zamfarawa da yawa sun mara wa jama'arsa baya, har ta sauka a ƙasarsu a 1805. Ba a jima ba zumuncin ya yi tsami, a lokacin da abinci ya yi ƙaranci, wasu mayaƙa suka riƙa ɗibar na mutanen gari. Sai a tambaya: “Wanne ya fi bayyana goyon bayan Zamfarawa da farko, tasirin wa'azi ko tsohuwar gaba da Gobir? Kafa hujja da bayanan nan, ka kuma nuna inda ra'ayinka yake da rauni.”

Yaron da ya zaɓi gaba da Gobir zai ce ai shi ya sa ƙawancen ya karye da aka taɓa rumbu. Wanda ya zaɓi wa'azi zai kawo shekaru biyar ɗin nan, amma dole ya bayyana me ya sa aka juya baya daga baya. Dukansu suna iya cin maki cikakke.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, wato wurin rabon maki. In tsarin ya ce kowane batu maki biyu, an koma gidan jiya, domin mai jera batutuwa goma zai doke mai tunani. Da ni ne, a maki 20 zan ba 4 ga bayyana matsayi a fili, 8 ga ɗaure bayanan da matsayin, 5 ga fuskantar hujjar ɗaya ɓangaren, 3 kuma ga daidaiton sunaye da shekaru. Kafin ranar jarrabawa malam ya zauna ya rubuta amsa biyu masu karo da juna. In ya kasa rubuta ta biyu, tambayar amsa ɗaya gare ta, sai a gyara. Bayan an duba takardu kuma, in amsoshin aji duka suka zo da jimloli iri ɗaya, an riga an ba su amsar a darasi.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: ana koya wa yara sukar magabata. Damuwa ce mai tushe, kuma malam ya kiyaye, kada ya tambayi yaro ya yanke hukunci kan imanin wani ko kan aƙida. Abin tambaya shi ne dalili da sakamako. Su kansu jagororin ba su guje wa wannan ba. Malam Abdullahin Gwandu ya soki halin wasu mayaƙa a Tazyinul Waraƙat, Muhammadu Bello kuma ya sa wasiƙun Shehu El-Kanemi na Borno, masu ƙalubalantar yaƙin, a cikin Infaƙul Maisur, ya amsa su.

Matsala ta gaskiya ita ce lokaci. Malamin da ke da aji cike maƙil ba zai iya karanta dogayen amsoshi biyar daga kowane yaro ba, ga WAEC da NECO suna jira da buƙatar sanin sunaye da shekaru. Don haka ban ce a zubar da gajerun tambayoyi ba. A bar su su ɗauki rabin maki ko fiye, a ƙara tambayar nazari guda ɗaya tak, amsarta kada ta wuce shafi ɗaya. A kuma gwada irinta a aji sau biyu ko uku da wani batu daban, misali sassaucin da Bawa Jangwarzo ya yi wa Shehu da takurawar da Nafata ya zo da ita, don kada yaro ya fara haɗuwa da ita a ɗakin jarrabawa.