Kuɗin Talla: Nguru Ko Gashuwa?

A ɗauka mai sayar da injunan ban-ruwa ya kashe N100,000 kan talla a Nguru, ta jawo masa ribar N300,000, a Gashuwa kuwa N40,000 ta jawo N80,000. Bisa matsakaicin lissafi Nguru ce kan gaba, amma kuskure ne a ƙara mata kuɗi kan wannan hujja.

Abin dubawa shi ne N10,000 ta ƙarshe. Idan a Nguru, inda manoma suka riga suka ji tallar, N8,000 kawai ta jawo, a Gashuwa kuma N18,000, to mayar da ita Gashuwa zai ƙara ribar kimanin N10,000. Kamata ya yi a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan, ana kwatanta makonnin rani da na rani, har ribar ƙarin ta daidaita a garuruwan biyu.