Wasiƙa Zuwa ga Wanda Bai San Ka Ba

Ran nan bayan an tashi daga makaranta, wani saurayi cikin malamanmu ya kawo mini takarda in duba masa. Muna shirin buɗe ajin yamma domin manya, ana kuwa so 'yan kasuwa su shiga. Saboda haka ya rubuta wa Sarkin Kasuwa, dattijon da bai taɓa ganinsa ba. Ga abin da ya rubuta:

"Kwamitin wayar da kan al'umma yana sanar da kai cewa a ƙarƙashin tsarinmu na ci gaba mai ɗorewa, za mu ƙaddamar da yaƙi da jahilci tsakanin 'yan kasuwa. A matsayinka na mai ruwa da tsaki, wajibi ne ka tara mutanenka ranar Asabar ba da fashi ba. Muna jiran amsa cikin gaggawa."

Na tambaye shi, "Malam, wa zai karanta wannan?" Ya ce, "Sarkin Kasuwa mana." Na ce, "Mai yiwuwa ɗansa ne zai karanta masa da ƙarfi a rumfa, mutane suna ji. To, karanta mini ita kamar ni ne shi." Ya fara, amma bai kai tsakiya ba ya yi shiru.

Laifi na fari, ba gaisuwa, ba kuma sunan mutum. Kwamiti ne yake magana, kwamiti kuwa ba shi da fuska. Dattijo ba ya amsa wa wanda bai yi sallama ba.

Na biyu, manyan kalmomi sun rufe maganar. Na ce masa, "Mene ne ci gaba mai ɗorewa?" Ya ce, "Wato mu koya musu karatu da lissafi." Na ce, "To, rubuta haka nan." Kowace kalma da sai an tambaye ka ma'anarta, amsar da ka bayar ita ce ta cancanci shiga wasiƙa.

Na uku ya fi nauyi. Gaskiya ne tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa ana kiran ajin manya Yaƙi da Jahilci. Amma suna a ofis daban, faɗa wa mutum a idonsa daban. Da yawa cikin 'yan kasuwan nan suna rubuta bashinsu da ajami, suna lissafi da ka fiye da mu. Boko ne kaɗai ba su yi ba. In ka kira su jahilai a gaban shugabansu, ka rufe ƙofa da hannunka.

Na huɗu, "wajibi ne" da "cikin gaggawa" maganar mai iko ce. Mu kuwa roƙo muka zo yi.

Sa'an nan muka zauna muka sake ta:

"Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan gaisuwa, ni malami ne a makarantar da ke bayan asibiti. Muna so mu buɗe aji domin manya masu son koyon karatun boko, da cika takardar banki, da duba rasit. Sau biyu ne a mako, awa ɗaya, ba a biyan kome. Kai ka san mutanenka da lokacin da suke da sarari, mu ba mu sani ba. In ka yarda, zan zo in gaishe ka in nemi shawararka, duk ranar da ta yi maka daidai. Kana iya ba mai kawo wannan takarda amsa da baki. In kuwa bai yiwu yanzu ba, ba kome, mun gode."

Mai karatu, ka lura abu ɗaya kaɗai muka roƙa, ƙarami kuwa: izinin zuwa gaisuwa. Tara mutane aiki ne babba, ba a ɗora wa wanda bai san ka ba. Mun kuma bar masa hanyar cewa a'a ba tare da kunya ba, gama wanda aka matsa wa ba ya cewa a'a, shiru yakan yi.

Amma takarda ba ta da ƙafa. Mun ba wani tela, uban ɗaya daga cikin 'yan makarantarmu, ya kai ta da hannunsa. Bayan kwana uku ya dawo da saƙo: malamin ya zo ran Talata bayan la'asar. Ya ƙara da cewa kada mu sa ajin ran Asabar, gama ranar ce kasuwa take ci. Saurayin ya dube ni, ya dubi takardarsa ta fari, ya ninke ta ya sa a aljihu.