FILIN MATA: Takardar Ƙarshe Kafin a Kai Ƙarar Bashi

Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wadda take sana'a a cikin gida, ko turmin shinkafa, ko ƙuli-ƙuli, ko ɗinki, ta san ba a ciniki sai da ba da bashi, ta kuma san akwai wanda yakan maƙale. Kin aika yaro sau uku an ce masa gobe. Kin buga waya ba a ɗauka. To, tsakanin wannan hali da zuwa gaban alƙali akwai mataki guda wanda yawancinmu muke tsallakewa, shi ne rubuta takardar ƙarshe ta neman biya. A kanta za mu yi magana wannan mako.

Ku fara sanin cewa wannan takarda mutum biyu ake rubuta wa. Na farko wadda kike bi bashi. Na biyu alƙali, wanda zai karanta ta in abin ya kai gabansa. Saboda haka kowace kalma da za ki sa, ki tambayi kanki ko za ki so a karanta ta da ƙarfi a cikin kotu, gaban jama'a. In ba za ki so ba, ki bar ta.

Ba kuwa al'ada ce kawai ba. A shekarar 2018 Jihar Ikko ta buɗe kotunan ƙananan ƙararraki a cikin kotunan majistare, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, aka tsara a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba sai da lauya ba. Kano ta buɗe nata a 2019, daga baya jihohi da yawa suka bi. A ƙa'idar da Ikko ta kafa, ba a karɓar ƙararki sai kin riga kin kai wa wanda kike bi takardar neman biya. Fom ne mai lamba SCA 1, wanda yake ba shi kwana 14 daga ranar da ya karɓa. A ƙasarmu ta Zamfara kuma kotunan shari'ar Musulunci suna sauraren ƙarar bashi, inda kawo hujja yake kan mai ƙara, rantsuwa kuwa kan wanda ya musa. Ko wace kotu kika nufa, kafin ki rubuta komai ki je wurin magatakardan kotun garinku, ko ki aiki wakilinki, a tambayo abu biyu: wace kotu ce za ta ji ƙarar kuɗi kaza, kuma ko akwai fom da ake cikawa. In akwai, a karɓo shi a cika, a haɗa da takardarki ta Hausa.

Takardar nan kamar murhu take, duwatsu uku ne suke riƙe ta. Na ɗaya, yawan kuɗin da shaidar da take hannunki. Na biyu, ranar da wa'adi zai cika. Na uku, abin da za ki yi in ranar ta wuce. In ɗaya ya ɓace, tukunya ta tuntsure.

Ga misali, da kuɗin da na ƙaga don lissafi. Wata baiwar Allah a Talatar Mafara tana sayen shinkafar Bakalori tana turarawa tana sayarwa. Ran Talata, 4 ga Maris, 2025, ta ba wata mai sayar da abinci a Bakura buhu 4, kowane ɗaya naira 60,000, jimla 240,000, bisa alkawarin za a biya kafin ƙarshen Afrilu. An yi cinikin gaban wani dillali mutumin Maradun da direban da ya ɗauki kayan. Ran 8 ga Afrilu mai abinci ta kawo 80,000 a hannu. Ran 13 ga Mayu ta turo 40,000 ta banki, ta kuma aiko saƙo ta waya cewa a yi mata haƙuri da sauran zuwa bayan salla. Salla ta wuce, shiru. Ga yadda ya kamata takardar ta kasance:

"Talatar Mafara, 1 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Hajiya Wance, mai sayar da abinci, Bakura.

Bayan gaisuwa mai yawa, Hajiya, ina tuna miki ran 4 ga Maris, 2025, na ba ki shinkafa buhu 4 a kan naira 240,000, kika yi alkawarin biya kafin ƙarshen Afrilu. Kin biya 80,000 ran 8 ga Afrilu, da 40,000 ran 13 ga Mayu. Saura naira dubu ɗari da ashirin (120,000).

A hannuna akwai littafin ciniki inda kika sa hannu ranar da kika ɗauki kaya, da takardar banki mai nuna kuɗin da kika turo, da saƙonki na 13 ga Mayu inda kika nemi a yi miki haƙuri da sauran. Akwai kuma mutum biyu da aka yi cinikin a gabansu. Na haɗo miki kwafin takardun.

Ina neman ki biya wannan kuɗi, ko ki ba ni amsa a rubuce, kafin faɗuwar rana ran Talata, 22 ga Yuli, 2025. Kina iya turowa ta asusun da kika turo na baya, ko ki kawo a hannu in ba ki rasit.

In wannan rana ta wuce ba biya ba amsa, zan shigar da ƙara a kotu in nemi kuɗin duka da abin da na kashe wajen ƙarar, ba tare da na sāke rubuto miki ba.

Haza wasalam. Ni ce Wance 'yar Wane."

Yanzu mu duba duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Game da kuɗi, kun ga ta faɗi abin da aka biya ta kafin ta faɗi saura. Wata takan ga kamar in ta rubuta 240,000 duka za ta fi razana mai bashi. Wannan kuskure ne babba. Ranar da mai abinci ta fito da takardar banki mai nuna 40,000, alƙali zai fara shakkar duk sauran maganarta. Haka kuma kada ki ɗora wani abu a kai wai ladan jira, domin ba a yi wannan alkawari ba, ga shi kuma riba ce a addini. Ki rubuta saura da lamba da kuma kalmomi, don kada wani ya ƙara sifiri ko ya goge.

Game da shaida, ki lissafa abin da yake hannunki da gaske, ba abin da kike fatan samu ba. Kwafi za ki aika, na asali ya zauna cikin akwatinki. Saƙon waya ma shaida ne. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga na'ura bisa wasu sharuɗɗa, don haka kada ki goge saƙon, kada kuma ki sayar da wayar kafin a gama. A misalin nan saƙon neman haƙuri shi ya fi komai nauyi, gama wadda ta ce a jira ta da sauran ta riga ta amsa akwai saura. In kuwa ba ki rubuta komai ba ranar ciniki, sai ki dogara ga mutanen da suka halarta, ki tuntuɓe su tun kafin ki ambace su. Gaba kuma ki riƙa rubutawa, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni.

Game da wa'adi, ba a cewa "nan ba da daɗewa ba" ko "bayan kaka". Rana ake yankewa da sunanta da watanta da shekararta. Ku lura an rubuta takardar ran 1 ga wata, amma aka sa wa'adi ran 22. Dalili shi ne kwana 14 ɗin nan daga ranar karɓa ake ƙirga su, ba daga ranar rubutu ba. Ko da takardar ta yi mako guda kafin ta isa Bakura, ta shiga hannu ran 8, kwanakin sun cika cif ran 22.

Isar da ita ma aiki ne. Kada ki ba ƙaramin yaro ko ɗan kamasho a tasha. Ki yi kwafi biyu, babban mutum ya kai hannu da hannu, mai bashi ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan naki, a rubuta rana. In ba ta iya karatu ba, a karanta mata gaban shaida. In ta ƙi karɓa, wanda ya kai ya rubuta rana da wuri da wanda ya gani. 'Yan makaranta, nan ne za ku yi wa iyayenku amfani, amma abin da uwa ta faɗa za ku rubuta, ku karanta mata ta yarda kafin ta sa hannu.

Game da niyyar ƙara, kotu kaɗai za ki ambata. Ban da zagi, ban da cewa za ki tona mata asiri a gidan biki ko wurin mijinta. Ban da kuma barazana da 'yan sanda, domin dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai. Kada kuma ki ce za ki kai ƙara alhali ba ki da niyya. Wadda ta rubuta "takardar ƙarshe" sau uku, ta huɗun ƙunshin ƙosai za a yi da ita.

To, me zai biyo baya? In ta biya, ki ba ta rasit, zumunci ya ɗore. In ta ce za ta biya kaɗan-kaɗan, misali 30,000 kowane wata har wata 4, ki duba halinta. In da gaske tana cikin matsi, aya ta 280 ta wannan sura ta ce a saurara wa irinta. Amma a rubuta sabon alkawarin da ranakunsa, ta sa hannu gaban shaidu. In ta musa, ta ce buhu ɗaya ya zo da tsakuwa ko da ƙwari, ki ajiye amsarta, domin kin san tun yanzu abin da za ta faɗa wa alƙali, kin kuma sami lokacin nemo dillali da direba. In kuwa ta yi shiru, ran Laraba 23 ga wata ki ɗauki kwafin da ta sa wa hannu, da littafinki, da takardar banki, da wayarki, ki nufi ofishin magatakarda. Duk kuɗin da kika biya a can ki karɓi rasit, don shi za ki nuna in kina neman a mayar miki.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya sa albarka a sana'armu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.