Ƙoshi Ba Shi Ne Lafiya Ba

Ɗan'uwa, in an yi maka aikin rage tumbi saboda ƙiba, kada ka daina zuwa awon jini don ka ji sauƙi. Tumbin da aka rage ba ya ɗaukar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe kamar dā. Hanta tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa yake zuwa a ɓoye: gajiya, ɗashewar ido, tafin ƙafa yana mutuwa. In an makara, jijiya ba lallai ta warke ba.

Sha bitamin ɗinka har abada. Fara cin ƙwai, kifi ko wake kafin tuwo, ka samu furotin giram 60 kullum.

Sa a rubuta maka irin aikin, ranarsa, da sakamakon kowane awo a kati ɗaya. Mai jinyar ƙauye ba ya ganin cikinka, katin yake gani.