Madannin Print Screen bai dace da kwamfutar kafe mai sikirin biyu ba

A kafe-kafe da shagunan buga takardu irin na cikin garin Gumel, wanda ya ɗan samu hali yakan haɗa laftof ɗinsa da ƙarin sikirin. Ɗaya yana gabansa yana aiki, ɗayan kuma ya juya shi wajen kwastoma domin ya ga abin da ake cike masa. Tsarin yana da kyau, yana rage gardamar wanda ya rubuta suna ba daidai ba. Matsalar tana zuwa ne lokacin da kwastoma ya ce a ɗauki hoton shafin a tura masa ta WhatsApp, mai shago kuma ya kai yatsa kan madannin `PrtScn` kamar yadda ya saba tun yana da sikirin ɗaya.

Wanda ya taso da waya a hannu ya saba da cewa abin da idonsa ke kallo shi ne abin da zai fito a sikirinshot. Windows ba haka take lissafi ba. Idan aka danna `Win + P` aka zaɓi `Extend`, tana ɗaukar sikirin biyun a matsayin shimfiɗa guda mai faɗi. Saboda haka `Win + PrtScn` yana kwashe su duka ya ajiye a hoto ɗaya cikin `Pictures\Screenshots`. A Windows 10 ma `PrtScn` shi kaɗai haka yake yi, sai dai yana riƙe hoton ne har a liƙa shi a wani wuri. In `Duplicate` aka zaɓa, abu ɗaya ne ke kan fuskokin biyu, hoto ɗaya zai fito, amma wannan tsarin ba ya bai wa mai shago wurin ɓoye aikinsa, shi ya sa ba ya masa amfani.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta taso daga Sule Tankarkar ko Gagarawa domin a biya mata kuɗin rajista na Kwalejin Ilimi ta Gumel. Rasit ɗinta yana kan babban sikirin mai fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. Laftof ɗin mai shago kuwa irin wanda ya cika kasuwa ne, 1366 da 768, a kansa akwai jadawalin da yake rubuta sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu da lambar NIN ta wasunsu, ga kuma hirarsa ta WhatsApp a buɗe a gefe. Hoton da zai fito faɗinsa 3286 ne, tsayinsa 1080. Tunda laftof ɗin bai kai babban sikirin tsayi ba, za a ga wani fili babu komai, galibi baƙi, mai tsayin fiksel 312 a ɓangarensa. Da zarar hoto ya fito siriri, dogo a kwance, da baƙin gurbi a kusurwa, to sikirin biyu aka ɗauka. Duba `Properties` na fayil ɗin zai tabbatar, domin faɗin zai zarce na kowanne sikirin shi kaɗai.

Ɗalibar ta cutu, domin wayar da faɗin fuskarta 720 ne sai ta matse hoton fiye da ninki huɗu kafin ya shiga, ga WhatsApp ya riga ya rage masa inganci, lambar rasit sai an ja hoton an ƙura ido. Amma waɗanda suka fi cutuwa su ne mutanen da ke cikin jadawalin nan, waɗanda ba su ma san an ɗauki hoton ba. Ɗalibar ba ta da mugun nufi, sai dai za ta tura wa wanda ya biya mata kuɗin, shi kuma ya tura wa wani, bayanan bayin Allah suna bin hoton duk inda ya je. Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan mutane, kuma ba manyan bankuna kaɗai ta shafa ba. Ko babu doka ma, wanda ya miƙa lambarsa a shago amana ya bayar.

Gyaran bai kai a yi masa dogon bayani ba. Mai shago ya danna kan tagar da rasit yake, sannan ya danna `Alt + PrtScn`. Wannan tagar kaɗai zai ɗauka, ko a wane sikirin take. In an buɗe ta ta cika fuskar, kusan daidai yake da ɗaukar sikirin guda. Wanda ya fi shi shi ne `Win + Shift + S`, inda mutum zai ja akwati da linzami a kan iyakar abin da yake so, rasit ɗin kawai, ba tare da sunayen sauran shafukan da ke buɗe a saman burauza ba. A sabbin Windows 11, `PrtScn` da kansa wannan kayan yankan yake buɗewa, kuma Microsoft ta yi daidai da ta sauya shi. Sai dai kwamfutocin shaguna da yawa tsofaffi ne, kuma `Win + PrtScn` har yanzu duka yake kwasa. Abin mamaki, Windows ba ta da madanni guda na ɗaukar sikirin ɗaya cak, sai a manhaja irin su ShareX. Mac ta fi tsafta a nan, `Cmd + Shift + 3` yana ba kowane sikirin fayil ɗinsa daban.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari layi ya yi tsawo, a ɗauki duka kawai a yanke daga baya. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma a ranar cunkoson ne aka fi manta yankewar. Sannan yankewa ba kullum take goge abu ba. Idan aka liƙa hoto a Word aka yi masa `Crop`, ɓangaren da aka yanke yana nan a ɓoye cikin fayil ɗin, duk wanda aka tura wa zai iya jan gefen ya dawo da shi, sai in an shiga `Compress Pictures` an zaɓi `Delete cropped areas of pictures`. A watan Maris na 2023 kuma an gano wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da aCropalypse, inda hotunan da aka yanke da Markup na wayoyin Pixel da Snipping Tool na Windows 11 suke riƙe da ragowar asalin hoton. An toshe ɓarakar, amma hotunan da aka riga aka tura suna nan yadda suke. Abin da ba a ɗauka ba tun farko shi ne kaɗai babu mai iya tono shi.

Ɗaukar duka tana da ranarta. Idan manhaja tana buɗewa a sikirin da ba shi ba, ko taga ta maƙale tsakanin biyun, mai gyara yana buƙatar ganin shimfiɗar gaba ɗaya. A nan sai a rufe jadawali da hirarraki tukuna, a ɗauka, a tura a matsayin `Document` domin kada WhatsApp ya matse rubutun.

Shi kuma kwastoma da aka turo wa dogon hoton nan mai baƙin gurbi, yana da damar ya goge shi ya ce a sake ɗaukar rasit ɗin kaɗai. Shagon da ya turo masa sunayen wasu yau, nasa sunan yana cikin jadawalin da zai shiga hoton kwastoma na gaba.