Kuɗin bola a taki suke, ba a narka leda ba

Yau maganar bola zan yi, kuma na san wasu abokaina masu zuwa taron horo ba za su ji daɗinta ba.

Duk lokacin da aka tara matasa a Maradi ko Damagaram kan sana'ar shara, magana guda ce: a narka leda a yi pabe. A kawo rabin tano, a hura wuta, a ɗauki hoto, kowa ya karɓi takardar shaida ya koma gida. Bayan wata shida ka je ka duba, tanon ya yi tsatsa, bolar unguwa kuwa ta ƙara tsawo. Ni ban ce pabe ƙarya ba ne. Ana yin shi, kuma yana da ƙarfi. Cewa na yi an ɗora matasanmu kan sana'ar da ta fi wuyar farawa, an bar wadda ke ƙofar gidansu.

Ku je ku tona bolar unguwarku da shebur. Leda ce ke cika ido don tana tashi tana maƙalewa a itace, amma ba ta da nauyi. Abin da ya fi nauyi shi ne rairayin da mata suka sharo daga tsakar gida, da toka, da kashin awaki, da ɓawon albasa, da ragowar tuwo, da ganye. Leda ɗaya ƴan giram kaɗan ce, sai ka tara ɗaruruwa kafin ka cika kilo guda. A pabe kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu leda ne, sauran rairayi. Wa zai tsince ta, ya kakkaɓe, ya shanya? Da wane ice za a narka ta, a ƙasar da ice ke tsada? In kuma tsohon tiyon ruwa irin na PVC ya shiga tanon, hayaƙinsa guba ne, kuma ƙirjin yaron da ke juyawa shi zai sha. A ƙarshe wa zai saya? Sai ma'aikatar magajin gari ko wani mai hali. In kwangila ba ta fito ba, kayanka na nan jibge.

Leda ma ai tun Nuwamba 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita. Maganinta a iyaka da kasuwa yake, ba a huhun ƴaƴanmu ba.

Taki kuwa mai sayensa na nan tun kaka da kakanni. Ku dubi gonakin bakin gari da rani, za ku ga amalanke na juye shara. Manomi ya san amfaninta, sai dai yana karɓarta da leda da kwalba da tsohon batir. Ledar ta hana ruwa shiga ƙasa, tunkiya ta ci ta rame har ta mutu, kwalba ta yanke ƙafar mai noma. Sana'ar ita ce ka kai masa takin babu wannan ƙazanta. Masu lambun Jiratawa da bakin Gulbi, da na Mirya, da masu albasar Galmi, duk ƙasarsu na son shi.

Aikin ba ya bukatar inji. Ka samu rariyar waya irin ta magina, ka jingina ta, ka riƙa watsa tsohuwar bola da shebur. Baƙar ƙasa mai laushi da ta wuce ita ce kayanka na farko. Ƙarfe da gorar roba da suka rage ka ware wa ƴan gwangwan. Amma bolar da asibiti ko masu gyaran mota ke zubar da shara, kada ka taɓa ta. Batir kuma a tsince shi tun bai fashe ba.

Sabuwar shara kuwa sai an ruɓar da ita. A inuwa, ka shimfiɗa busasshen kara ko ganye kamar taƙi guda, ka bi da ɗanyen kayan kasuwa da kashin dabbobi, ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa har tulin ya kai ƙugu ko ƙirji, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, ka rufe da tsofaffin buhuna. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ka zaro ta: in ta yi zafi, aiki na tafiya, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ta fito da sanyi, tulin ya bushe ko kashin dabbobi ya yi kaɗan. In yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara kara. Ka damƙi kaɗan ka matse: ya dunƙule, amma kada ruwa ya tsiyaya. Kowane mako biyu a juya shi. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Wanda ya yi gaggawa ya sayar da shi da ɗanye, zai ƙone wa mai lambu shuka, kuma ba zai sake ganinsa ba.

Mu yi lissafi na misali. A ce matasa uku da amalanke guda sun yi yarjejeniya da gida sittin, kowane gida jika ɗaya a wata. Jika sittin ke nan tun ba a sayar da komai ba, daga ciki abincin jaki da ruwa da gyaran taya su fita. Sharaɗi guda: kowane gida ya aje buhu biyu, ɗaya na abin da ke ruɓa, ɗaya na leda da kwalba. In sun tara amalanke goma na mai ruɓa, kada su yi mafarkin amalanke goma na taki, tuli na raguwa kusan rabi. Kuɗin gidaje ne ke riƙe sana'ar wata-wata, taki shi ne ribar da ke zuwa a lokacinta. Don haka a ɗora tuli a ƙarshen damana, ya nuna daidai lokacin da masu lambu ke gyaran fangali.

Za a ce mini takin gida bai kai na zamani ƙarfi ba. Gaskiya ne. Buhun ure kusan rabinsa sinadarin da ke sa ganye kore ne, namu kuwa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Amma a ƙasar jigawa irin tamu, shi ke riƙe ruwa, shi ke hana na zamani zurarewa. Ga shi da nauyi, don haka in gona ta yi nisa kuɗin mota ya cinye riba. Kuma yana shan ruwa da rani. Wannan ya sa wurin aiki dole ya kasance bakin gari, kusa da rijiya da lambu.

Nan ne nake kira ga magadan gari da masu unguwanni. Ba mu roƙi inji daga waje ba. Ku ba matasa fili a bakin gari da takarda, don kada a kore su ranar da wurin ya yi daraja. Ku sama masu ruwa. Ku hana a cinna wa bola wuta da magariba, don taki ne ake ƙonawa, yara na shaƙar hayaƙi. Ku kuma masu shirya horo, a taro na gaba ku zo da rariya da shebur, ku gayyato mai lambu ya damƙi takin ya faɗi nawa zai biya.

Wanda ke da ja, ga fili nan, ya zo da lissafinsa na pabe mu gwada. Allah ya sa mu dace.